Nawa Ne Farashin Kuɗi? Lissafin da Kamfanoni Ke Yi Kafin Su Kafa Tubali

Ɗan kasuwar hatsi a Dawanau ba ya bukatar malamin jami'a ya koya masa wannan lissafi. A ce ya sayi buhu shida a kan naira 28,000 kowanne, washegari farashi ya faɗi ya ƙara buhu huɗu a kan 14,000. Idan aka tambaye shi nawa buhu ya zo masa, ba zai haɗa 28,000 da 14,000 ya raba biyu ya ce 21,000 ba, don ya san mai tsadar ya fi yawa a rumbu. Zai tara abin da ya kashe duka, naira 224,000, ya raba goma, ya ce buhu ya tsaya masa a 22,400. Duk wanda ya taya ƙasa da haka, albarka.

Manyan kamfanoni ma haka suke yi, sai dai abin da suke saye su zuba a rumbu kuɗi ne. Kamfanin siminti ko na sadarwa ba da kuɗin mutum ɗaya yake aiki ba. Wani kaso na masu hannun jari ne, wani kuma bashi ne daga bankuna ko daga mutanen da suka sayi takardun lamunin kamfanin. Kowane ɓangare da abin da yake jira a ba shi a shekara. Idan aka auna su gwargwadon yawan kowanne, sai a sami adadi guda, wato matsakaicin tsadar jari. A takardun masu harkar kuɗi ana rubuta shi WACC. Shi ne mafi ƙarancin ribar da sabon aiki zai kawo kafin a ce ya biya wa kansa, kuma shi ne ma'aunin da ake ɗora wa sabuwar masana'anta, ko sayen wani kamfani, kafin shugabanni su sa hannu.

Ga yadda ake rubuta shi:

```
WACC = (E/V × Re) + (D/V × Rd × (1 − T))
```

E na nufin ƙimar hannayen jari, D ƙimar bashi, V kuwa jimlar su biyun. Re shi ne ribar da masu hannun jari ke tsammani, Rd kuɗin ruwan bashi, T kuma harajin kamfani. Ɗalibin sakandare zai iya buga wannan a na'urar lissafi cikin minti ɗaya. Wahalar tana wajen sanin wane adadi za a sa a kowane gurbi, kuma a nan ne ƙwararru ma kan yi tuntuɓe.

A fara da bashi, tunda shi ne ake ganin kamar ba shi da ɓoyo. Kuɗin ruwa a rubuce yake a yarjejeniya, to mene ne abin nema? Abu biyu ne. Na farko haraji. A Najeriya manyan kamfanoni na biyan kashi 30 cikin ɗari na ribarsu, amma doka ta ɗauki kuɗin ruwa a matsayin kuɗin gudanar da kasuwanci, kamar albashi ko man janareto, don haka ana cire shi kafin a yanka haraji. Rabon ribar da ake ba masu hannun jari bai sami wannan gata ba. Sai hukuma ta ɗebi nata sannan a raba abin da ya rage.

A ƙaddara kamfanoni biyu, kowanne ya ci ribar naira miliyan 100. Na farko ba a bin sa ko sisi, sai ya biya harajin miliyan 30. Na biyu yana da bashin miliyan 100 a kan kashi 20, ya biya banki miliyan 20, saura 80, harajinsa ya zama miliyan 24. Ya ba banki 20, amma harajinsa ya ragu da 6. Ainihin abin da bashin ya ci masa miliyan 14 ne, wato kashi 14 cikin ɗari. Wannan ne aikin (1 − T) a cikin lissafin: a ninka 20 da 0.7, a sami 14. A taƙaice, gwamnati na ɗauke wa mai bashi kusan sulusin kuɗin ruwansa ba tare da ya roƙa ba.

Saboda haka duk lokacin da majalisa ta taɓa haraji, ta taɓa tsadar bashi. A ƙarshen 2017 Amurka ta rage harajin kamfanoni daga kashi 35 zuwa 21. Kamfanoni sun yi murna, kuma da gaskiyarsu, amma bashin da ake biya wa kashi 6 ya tashi daga 3.9 zuwa 4.74 bayan haraji, alhali babu bankin da ya ƙara musu kwabo.

Sai dai rangwamen yana da sharaɗi: sai wanda ke biyan haraji ne ke cin moriyarsa. Kamfanin da ya shekara uku yana asara ba shi da harajin da za a rage masa a yanzu, don haka bashinsa na kashi 20 yana cin sa kusan 20 ɗin cif. Haka kamfanin da gwamnati ta ba hutun haraji na wasu shekaru. Kuma hukumomi sun gane wayon masu cika kamfani da bashi don kauce wa haraji: dokar kuɗi ta 2019 a Najeriya ta kayyade kuɗin ruwan da za a iya cirewa kan bashin da kamfani ya ciwo daga 'yan uwansa na ƙasashen waje, kada ya wuce kashi 30 na ribarsa ta aiki. Wanda ya ɗauki 0.7 ya ninka ido rufe, bai duba ko kamfanin na biyan haraji ba, ya riga ya rage wa bashin tsada a takarda kawai.

Abu na biyu game da bashi ya fi wannan ɓatar da mutane. A watan Afrilun 2020 kamfanin simintin Dangote ya sayar da takardun lamuni na naira biliyan 100, na shekara biyar, a kan kashi 12.5. A watan Satumban shekarar Babban Bankin Najeriya ya sauke ma'aunin kuɗin ruwansa zuwa kashi 11.5. Zuwa Nuwamban 2024 wannan ma'auni ya kai 27.5, gwamnatin tarayya kanta tana ciwo bashi a cikin gida da fiye da kashi 18. A lokacin, kamfanin da ya sayar da irin wannan takardar lamuni a 2020 yana nan yana biyan tsohon farashi, kuma ya yi sa'a. Amma idan zai gina sabuwar masana'anta a 2024, da kuɗin 2024 zai gina ta. Abin da ake sa wa a gurbin Rd shi ne abin da masu ba da bashi za su nema yau. Mai shagon da ya sayi atamfa bara a kan dubu goma, bana ta koma dubu ashirin, in ya sayar a sha biyu yana murnar riba, ranar da ya je sari zai gane abin da ya yi wa kansa.

Hannun jari kuwa matsalarsa daban ce: babu takardar da aka rubuta farashinsa. Wannan ya sa wasu masu kamfani ke ɗaukar sa kamar kuɗin banza, musamman ribar da aka riƙe ba a raba ba. Kuskure ne babba. Mai hannun jari shi ne na ƙarshe a layi. Sai an biya ma'aikata, an biya banki, an biya haraji, sannan a waiwaye shi. Idan kamfani ya rushe, sau da yawa hannu rabbana yake tashi. Mutumin da zai iya kai kuɗinsa takardun gwamnati ya kwanta ya yi barci ba zai yarda ya tsaya a ƙarshen layi ba sai an yi masa alkawarin abin da ya fi.

Nawa ne wannan ƙarin? Hanyar da aka fi bi ta samo asali daga aikin William Sharpe na 1964, wanda ya sami kyautar Nobel a 1990. Ana fara wa da ribar takardun gwamnati, sai a ɗora ladan kasada, wato abin da kasuwar hannayen jari ke bayarwa sama da takardun gwamnati, bayan an ninka shi da wani adadi da ake kira beta. Beta na nuna yadda hannun jarin kamfani ke rawa idan kasuwa ta girgiza. Idan 1 ne, tare suke tafiya da kasuwa. Idan ya haura 1, rawarsa ta fi ta kasuwa zafi. Gaskiyar magana, wannan shi ne gurbin da ya fi rauni a duk lissafin. Masana biyu masu gaskiya za su zauna da takardu iri ɗaya su bambanta da maki biyu ko uku, kuma a kasuwar da hannun jari kan kwana biyu ba a yi cinikinsa ba, beta kan fito ƙarami, kamfanin ya yi kamar natsattse alhali ba kowa ke taya shi ba ne. Wanda ya kawo tsadar jari da lamba uku bayan ɗigo, kamar 22.437, ado ya yi wa hasashe.

Saura ma'auni, wato buhu nawa ne na kowane iri. A nan akwai littattafai biyu. Littafin akanta yana rubuta tarihi: abin da masu kamfani suka zuba tun farko, da ribar da aka tara, a cire asara. Kasuwa kuwa tana faɗin abin da mutane za su biya yau su mallaki kamfanin. Ka'ida ita ce a bi kasuwa, kuma kamfanin MTN na Najeriya ya nuna dalili ƙarara. Bayan an saki naira a watan Yunin 2023, asarar canji ta jefa kamfanin cikin faɗuwar kusan naira biliyan 137 a shekarar, har jarin masu hannun jari a littafi ya gangara ƙasa da sifili. A daidai lokacin, hannayen jarinsa a kasuwar Legas sun haura naira tiriliyan 5. Wanda ya bi littafi zai sami ma'aunin da ba shi da ma'ana, kamar ɗan kasuwar da ya ce buhunan da ke rumbunsa ba su kai ko ɗaya ba alhali rumbun a cike yake. A Amurka ma McDonald's da Starbucks sun shekara da shekaru jarinsu na littafi na ƙasa da sifili, saboda yawan sayen hannayen jarinsu da suke yi daga kasuwa, kuma ba wanda ya ce sun talauce.

Dalilin bin kasuwa mai sauƙi ne. Wanda ya sayi hannun jari yau a kan naira 30, a kan 30 ɗin yake jiran riba. Bai damu da cewa wanda ya kafa kamfanin naira 10 ya zuba shekara ashirin da suka wuce ba.

Yanzu a haɗa komai a misali guda. A ƙaddara wani kamfanin sarrafa shinkafa mai hannayen jari biliyan 2 a kasuwa, kowanne naira 30. Ƙimarsa a kasuwa biliyan 60 ke nan, ko da yake littafi ya rubuta biliyan 20. Yana da takardun lamuni na biliyan 50 da ya sayar lokacin araha a kan kashi 12.5, saura shekara huɗu a biya. Tunda kuɗin ruwa ya hau, ba mai sayen takardar naira 100 a kan 100. Ana cinikinta a wajen 80, farashin da ke ba mai saye kusan kashi 20 a shekara idan ya riƙe ta har wa'adi. Don haka bashin a kasuwa biliyan 40 ne. Jimla biliyan 100: kashi 60 hannun jari, kashi 40 bashi.

A ce takardun gwamnati na ba da kashi 18, ladan kasada 8, beta kuma 1.25. Takwas sau 1.25 goma ne, a ɗora kan 18, masu hannun jari na jiran kashi 28. Bashi kuwa 20 ne, bayan haraji 14.

```
WACC = (0.6 × 28) + (0.4 × 14) = 16.8 + 5.6 = 22.4
```

Lissafin mutumin Dawanau ne ya dawo: buhu shida na 28, huɗu na 14.

Sai injiniyoyi suka kawo shawarar sabon layin injina na biliyan 10, wanda zai riƙa kawo tsabar biliyan 2 a shekara bayan haraji, na tsawon lokaci mai nisa. Ribar kashi 20 ke nan, kuma a kunne tana da daɗi. Amma kuɗin da za a yi aikin da su na cin 22.4. Idan aka raba biliyan 2 da 0.224, ƙimar aikin a yau biliyan 8.9 ce. Za a kashe goma a sami abin da bai kai tara ba.

Ga inda ake yin ɓarna. Idan akanta ya ɗauki ma'aunin littafi, biliyan 20 da biliyan 50, bashi ya zama kashi 71 na jarin, hannun jari 29, tsadar jari ta sauka zuwa 18. Aikin nan take ya koma biliyan 11.1, sai ga riba. Idan ya ƙara da tsohon kuɗin ruwa na 12.5, wanda ke komawa 8.75 bayan haraji, adadin ya faɗo 14.25, aikin ya kumbura zuwa biliyan 14. Injin bai canja ba, shinkafar ba ta canja ba, amma aikin da zai cinye fiye da biliyan ɗaya na masu kamfani ya shiga ɗakin taro da rigar ribar biliyan huɗu. Kuma ba lallai ne a kama kowa da ƙarya ba, don duk lambobin da ya yi amfani da su suna nan a rahoton shekara. Abin takaici, kuskuren nan kusan kullum ɓangare ɗaya yake karkata, ɓangaren da ke sa aikin da shugaba ke so ya wuce.

Mai karatu mai kaifin ido zai ce: tunda bashi 14 ne, hannun jari 28, me zai hana a cika kamfanin da bashi, tsadar ta sauka? Tambayar da Franco Modigliani da Merton Miller suka amsa ke nan a 1958. Suka nuna cewa yayin da bashi ke ƙaruwa, kasadar da ta rage kan masu hannun jari na ƙaruwa, don layin da ke gabansu ya ƙara tsawo, sai su ma su ɗaga abin da suke nema. A duniyar da babu haraji, abin da aka samu a dama ana rasa shi a hagu, matsakaicin bai motsa ba. A 1963 suka gyara, suka shigar da haraji, suka yarda cewa rangwamen nan na sa bashi ya ɗan rage tsadar jari da gaske. Amma yana da iyaka. Da zarar bankuna sun fara shakkar za a biya su, su ma sai su ƙara farashi, masu kawo kaya su daina ba da bashi, ƙwararrun ma'aikata su fara neman wani wuri. Wanda ya canja ma'auni zuwa kashi 80 bashi ya bar 28 da 20 yadda suke, ya yaudari kansa.

Bashin dala ma irin wannan tarko ne. Kashi 9 na dala ba ɗan uwan kashi 20 na naira ba ne, kuma ba a zuba su cikin lissafi ɗaya kai tsaye. Kamfanonin da suka ɗauke shi araha sun gani a idonsu lokacin da dala ta tashi daga wajen naira 460 a farkon Yunin 2023 ta haura 1,500 a Fabrairun 2024. Kuɗin da aikin zai kawo da tsadar da ake auna shi da ita dole su kasance cikin kuɗi iri ɗaya.

Haka kuma adadin 22.4 na harkar shinkafa ne. Idan kamfanin ya ce zai shiga haƙar ma'adinai, sai ya nemo tsadar jarin masu haƙar ma'adinai ya auna da ita. Kamfanin da ba ya kasuwar hannayen jari, kamar yawancin na Kano da Kaduna, shi ma aro yake yi: a duba makamantansa da ke kasuwa, a ɗauki ma'auninsu da betarsu, a gyara gwargwadon bashinsa. Ga bashin banki na ɗan gajeren lokaci da farashinsa ke bin kasuwa, adadin littafi ya wadatar, don bai yi nisa da na kasuwa ba.

Wanda ke gudun kuɗin ruwa saboda addini bai fita daga lissafin ba. Lokacin da gwamnatin tarayya ta fitar da sukuk ɗinta na farko a 2017, na naira biliyan 100 domin gina hanyoyi, kuɗin hayar da aka sa kashi 16.47 ne a shekara. Tsarin yarjejeniyar daban ne, amma mai kuɗin yana da abin da yake jira, kuma kamfanin da ya tara jari ta sukuk ko murabaha zai sa wannan adadi a gurbinsa, ya bincika yadda hukumar haraji ke ɗaukar sa.

Akwai alamomin da ko wanda ba akanta ba zai iya gane lissafi ya karkace. Idan tsadar hannun jari ta fito ƙasa da kuɗin ruwan bashin kamfanin, an yi kuskure, don ba mai tsayawa a ƙarshen layi ya karɓi ƙasa da na gaba. Idan matsakaicin ya faɗo ƙasa da abin da gwamnati ke biya, kamar 14.25 ɗin nan a lokacin da takardun gwamnati ke ba da 18, sai a tambayi daga ina aka samo lambobin. Idan kuma kamfani na amfani da adadin da ya tsayar tun 2020 bai taɓa shi ba, to shekarun da kuɗin ruwa ya ninka sun wuce shi yana barci.

Talaka ma yana biyan wannan adadi ko bai taɓa jin sunansa ba. Hukumar NERC mai kula da lantarki a Najeriya, kamar takwararta Ofgem a Birtaniya, tana sa WACC cikin tsarin da take yanke kuɗin wuta da shi: tana ƙiyasta ƙimar wayoyi da taransifomomin kamfanin rarraba wuta, ta ninka da tsadar jarin da ta amince da ita, sakamakon ya shiga cikin abin da za a karɓa daga masu amfani da wuta. Shi ya sa kamfanoni ke jan adadin sama, masu kare mabukata na jan sa ƙasa. A kan kadarar naira biliyan 100, maki ɗaya tak da aka ƙara naira biliyan ɗaya ce a shekara, kuma daga takardar kuɗin wutar jama'a take fitowa.